Maganin Da Ya Ture Ɗan'uwansa A Cikin Jini: Laifinsa Bai Kai Yadda Ake Faɗi Ba

Duk ɗalibin da ya yi karatun likita, ko na harhaɗa magunguna, ko na jinya, akwai wani darasi da ba ya wuce shi. Malami zai tsaya gaban allo ya ce maganin tsinka jinin nan da ake kira warfarin, in ya shiga jiki, kashi 99 cikin 100 nasa yakan manne ne a jikin wani furotin na cikin jini, saura kashi ɗaya tak shi ke yawo a sake, kuma shi kaɗai ke aiki. To, in aka ba mutum wani magani dabam, ya zo ya ture kashi ɗaya kurum daga cikin mannannen nan, sakakken ya tashi daga 1 ya zama 2. Watau ƙarfin maganin ya ninka ke nan, sai jini ya ɓalle. Ɗalibai su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa da shi.

Lissafin nan yana da daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ne ɗungurungum. Aibinsa shi ne ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya faɗi abin da ke faruwa a sa'ar farko, bai faɗi abin da ke biyowa ba. Masanan da suka bi maganar har ƙarshenta sun tarar cewa turereniyar magunguna a kan furotin ɗin jini, ita kaɗai, ba safai take cutar da mai jinya ba. Sun kuma tarar cewa yawancin ɓarnar da aka ɗora mata, wani ne ya yi ta. Sanin wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, don kuwa likitan da bai gane shi ba yana iya ƙara wa mutum magani a lokacin da bai kamata ba, har ya jefa shi cikin wahala.

Motar da ke ɗaukar magani

In aka ɗebi jini a kwalba aka raba ƙwayoyinsa da ruwansa, ruwan da ya taso sama mai ɗan fatsi-fatsi ne. Baligi yana da wajen lita 3 na wannan ruwan jini. A cikinsa akwai furotin iri-iri, amma wanda ya fi yawa shi ne albumin. Hanta ce ke yin sa, kuma mai lafiya yana da tsakanin giram 35 zuwa 50 nasa a kowace lita.

Albumin kamar motar haya yake. Yana da wuraren zama a jikinsa, magunguna da yawa sukan hau su zauna, jini yana zagawa da su. Zaman ba na dindindin ba ne. Wannan ya sauka, wancan ya hau, ba tsayawa, amma in aka ƙirga a kowane lokaci sai a ga kason na kan mota da na ƙasa bai sake ba. Maganin da ke kan mota ba ya aikin komai, saboda albumin ƙato ne, ba ya ratsa bangon hanyoyin jini da sauƙi. Wanda ke ƙasa, watau sakakke, shi ke fita ya isa inda ake bukatarsa. Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, don a kansa maganar duka ta rataya: sakakken nan da ke aiki, shi ne kuma wanda hanta ke kamawa ta rushe, shi ne ƙoda ke tacewa ta zubar cikin fitsari. Wanda ya sauka daga mota ya sami damar aiki, amma ya rasa mafaka.

Har wa yau, ture magani daga albumin ba ƙaramin aiki ba ne. Albumin yana da yawa ainun, yawancin magunguna kuwa kaɗan ake sha. Mai shan warfarin miligiram 5 a rana, wuraren zaman da maganin ya tare a jikin albumin ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba. Motar kusan wofi take. Kafin wani magani ya hana shi wurin zama, sai ya kasance ana shan sa da yawa ƙwarai, ɗaruruwan miligiram ko giram-giram a rana, har ya cika kujerun. Magungunan da ke iya wannan ba su da yawa. Daga cikinsu akwai asfirin in an sha shi da yawa, da magungunan salfa, da balfurowet na farfaɗiya, da fenilbutazon.

Yadda maganar ta samo asali

Warfarin ya fito ne daga ɗakin binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wiskonsin ta Amirka. Cikin 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, sa'an nan cikin 1954 aka yarda a riƙa ba mutane shi don hana jini yin guda a cikin jijiya. Magani ne mai ƙunci: in ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya zuba.

Fenilbutazon kuwa maganin ciwon gaɓɓai ne da ya yi tashe a shekarun 1950 da 1960. Likitoci suka lura cewa in mai shan warfarin ya haɗa da shi, sai jininsa ya tsinke fiye da kima, wasu har su yi ta zubar da jini. Cikin 1967 Aggeler da O'Reilly da abokan aikinsu suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan haka. Sun nuna cewa lalle fenilbutazon yana ƙara wa warfarin ƙarfi a jikin mutum, kuma sun nuna a cikin kwalbar gwaji cewa yana ture shi daga albumin. Ga ɓarna a jiki, ga turewa a kwalba, sai aka ɗaura wannan da wancan. Daga nan bayanin ya shiga littattafan koyarwa, ya zauna daram.

Amma kwalbar gwaji ba jiki ba ce. Kwalba ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, ba ta da tsoka ko kitse. Abin da aka ture a cikinta ba shi da wurin zuwa, dole ya taru. A jiki kuwa ƙofofi biyu ne a buɗe.

Ƙofa ta farko: sauran jiki

Magunguna da yawa ba a cikin jini suka fi zama ba. Sukan bazu cikin tsoka da kitse da sauran sassan jiki, jini ya riƙe kaɗan. A ɗauka ga mutum da miligiram 100 na wani magani a jikinsa, miligiram 5 kaɗai ke cikin ruwan jini. Daga cikin 5 ɗin nan, 4.5 na kan albumin, rabin miligiram na sake. Sai wani magani ya zo ya ture ƙarin rabin miligiram. In da a kwalba ne, sakakke ya ninka ke nan. A jiki kuwa rabin miligiram ɗin nan ba ya tsayawa a jini, yakan fita ya bi sauran miligiram 95 da ke warwatse. Rabi a kan 95 bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kamar a juye moɗa guda ce a cikin rijiya, ba mai ganin ruwa ya tashi.

Wannan ƙofa ba ta taimakon warfarin sosai, don shi yawancinsa yana tare da albumin ne, bai cika bazuwa ba. Saboda haka in an ture shi, sakakkensa yakan ɗan tashi da gaske. A nan ne ƙofa ta biyu ke aiki.

Ƙofa ta biyu: hanta

A ɗauka ga mutum ya yi watanni yana shan warfarin miligiram 5 kowace rana. Jikinsa ya daidaita, watau abin da ke shiga daidai yake da abin da ke fita: 5 a ciki, 5 a waje. Don sauƙin lissafi a ce yawan maganin a jininsa 100 ne, 99 a manne, 1 a sake. Hanta ba ta ganin 99 ɗin nan. Sakakken kaɗai take iya kamawa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon abin da take rushewa. Da sakakke 1, tana rushe miligiram 5 a rana.

Ran nan sai aka ba shi maganin da ke turewa, wanda ba ya taɓa hanta. Mannanne ya koma 98, sakakke ya zama 2. Iyakar darasin allo ke nan. To, amma hanta fa? Yanzu abin da ke zuwa hannunta ya ninka, saboda haka tana rushe miligiram 10 a rana. Mutumin kuwa bai ƙara ƙwaya ba, 5 yake sha. Fita ta fi shiga, dole abin da ke jiki ya riƙa raguwa. Zai yi ta raguwa har ranar da fita ta sake yin daidai da shiga, watau ranar da hanta ta koma rushe 5. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai sakakke ya koma 1, daidai inda ya faro.

Abin da ya sake shi ne jimla. Da can sakakke kashi 1 ne cikin 100. Yanzu, tun da mai turewa yana nan, sakakke kashi 2 ne cikin 100. In kuwa 1 shi ne kashi 2 cikin 100, to jimla 50 ce: 49 a manne, 1 a sake. Ashe abin da turewa ta yi a ƙarshe shi ne ta rage ajiyar da ke kan mota. Mai aikin yana nan yadda yake, ƙarfin maganin bai ƙaru ba.

Misalinsa kamar randa ce mai huda a gindi, ana zuba mata ruwa guga guda kowace sa'a. Ruwan zai tsaya a wani tsayi inda yoyo ya yi daidai da zubi. In wani ya zo ya ƙara mata tulu guda sau ɗaya, ruwa zai tashi, yoyo ya ƙaru, bayan ɗan lokaci ya koma tsayinsa na da. Abu biyu ne kaɗai ke sake tsayin ruwan ya zauna a saken: a ƙara zubi, ko a toshe huda. Haka yake ga yawancin magungunan da ake haɗiya. Yawan sakakkensu a jini, in jiki ya daidaita, ya dogara ne ga yawan abin da ake sha da kuma ƙarfin hanta ko ƙoda wajen fitar da shi. Albumin ba ya cikin lissafin.

Saura ɗan tsakanin nan, kafin a koma daidai. Ga warfarin kwanaki ne. Amma shi ba maganin nan take ba ne. Aikinsa hana hanta yin sababbin sinadaran daskarar da jini, kuma sai tsofaffin da ke yawo sun ƙare kafin a ga tasirinsa, abin da ke cin kwana biyu zuwa uku ko fiye. Kafin tashin ya gama bayyana a jiki, ya riga ya fara sauka. Iyakarta a ga jinin ya ɗan ƙara tsinkewa na ɗan lokaci, abin da awo kan nuna kuma ya wuce.

Wanda ya toshe hudar

To, in haka ne, me ya sa masu haɗa warfarin da fenilbutazon suke zubar da jini, kuma abin ba ya wucewa? Amsar ta fito cikin 1974, a binciken Lewis da Trager da abokan aikinsu.

Ƙwayar warfarin tagwaye ce. Rabinta wani fasali ne da ake kira S, rabinta wani da ake kira R. Kamarsu ɗaya kamar hannun dama da na hagu, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: S ya fi R ƙarfi wajen sau uku zuwa biyar. Kuma ba hanya ɗaya hanta ke bi wajen rushe su ba. Da masu binciken suka auna kowanne dabam, sai suka ga fenilbutazon yana rage fitar S mai ƙarfi, alhali R mai rauni yana fita da sauri fiye da da. In aka auna su a haɗe, yadda aka saba, ƙarin wannan ya rufe ragin wancan, ba a ganin wani abu ya taru. Shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Daga baya aka san sunan sinadarin hantar da ke rushe S, shi ne CYP2C9, kuma shi fenilbutazon ke danne wa.

Watau dai fenilbutazon laifi biyu ya yi a lokaci guda. Ya ture, ya kuma toshe huda. Turewar ita ce aka gani a kwalba, ita ta ɗauki suna, toshewar kuwa ita ta yi ɓarna. Kura ta ci akuya, an kama kare da jini a baki. Banda wannan, fenilbutazon yana ƙwarzar ciki, yana kuma raunana ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni. Ƙasashe da yawa sun hana ko sun taƙaita ba mutane shi tun shekarun 1980, saboda yana lalata ɓargo, amma likitocin dabbobi suna ba dawaki.

Da aka koma kan sauran misalan da littattafai ke kawowa, sai labarin ya yi ta maimaita kansa. Kotirimoksazol, wanda aka fi sani da Saftirin, yana da haɗari ƙwarai ga mai shan warfarin, kuma babban dalilin shi ne salfar da ke cikinsa tana danne CYP2C9. Tsohon maganin ciwon sukarin nan tolbutamayid yakan sa sukari ya faɗi warwas in an haɗa shi da wasu magungunan salfa, dalilin kuwa shi ne dai wannan. Metotireksat yakan zama guba in an haɗa shi da asfirin da danginsa, musamman saboda suna hana ƙoda fitar da shi. Asfirin da warfarin kuwa, haɗarinsu yana ga ciki da ƙwayoyin toshe rauni. Ga kuma Filajil, wanda ba a san shi da turewa ba, amma yana tsinka jinin mai shan warfarin sosai, don yana rage fitar S. Cikin 1994 Paul Rolan ya rubuta maƙala a Ingila yana tambayar dalilin da ya sa har lokacin ake ɗaukar turewa da muhimmanci. Cikin 2002 kuma Leslie Benet da Betty-ann Hoener na Jami'ar Kalifoniya suka bi ɗaruruwan magunguna da lissafi, suka nuna cewa 'yan kaɗan ne ƙwarai sauyin mannewa zai iya sake yawan sakakkensu.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. Likitan da ya ɗauka turewa ce zai ce abin na kwana biyu ne, zai wuce. Wanda ya san toshewa ce ya san maganin zai yi ta taruwa muddin ana shan na biyun. Saboda haka zai sake magani, ko ya rage warfarin, ya kuma sa a yi awon tsinkewar jini, wanda ake rubutawa INR a takardar asibiti, cikin kwanaki kaɗan. In an daina na biyun kuma ya san dole a sake awo, don hudar ta buɗe.

Tarkon takardar awo

Akwai wurin da turewa ke cutarwa ta bayan gida, ba don ta ƙara wa magani ƙarfi ba, sai don tana ruɗa mai karanta sakamakon awo. Fenitoyin, tsohon maganin farfaɗiya, shi ne babban misali.

Wajen kashi 90 cikin 100 na fenitoyin a manne yake. Yawancin ɗakunan awo jimla suke aunawa, mannanne da sakakke a haɗe, don ita ta fi sauƙi da araha. Abin da ake nema a jimla shi ne miligiram 10 zuwa 20 a lita, wanda ke nufin sakakke 1 zuwa 2.

A ɗauka ga wata yarinya tana shan fenitoyin, awonta 15, watau sakakke 1.5. Sai likita ya ƙara mata balfurowet, wanda ke ture fenitoyin. A ce kason sakakke ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 20. Bayan jiki ya daidaita, sakakke ya koma 1.5 kamar yadda lissafin randa ya nuna, amma jimla ta sauko zuwa 7.5. Aka kawo takarda, wanda ke aiki ran nan ya ga 7.5, ya ce ai magani ya yi kaɗan, bai kai 10 ba. Ya ƙara mata ƙwaya don ya mai da awon 15. In ya kai can, sakakke ya zama 3, ya wuce iyaka. Sai yarinya ta fara tangaɗi kamar mai maye, idanunta suna rawa, harshenta ya yi nauyi, ga jiri ga barci. Takarda kuwa tana cewa komai daidai.

Abubuwa biyu ke ƙara tsananta wannan. Na ɗaya, balfurowet yana ɗan danne rushewar fenitoyin a hanta, don haka sakakken yana iya ɗara 1.5 tun kafin a ƙara komai. Na biyu, hanta takan ƙoshi da fenitoyin, ta kai inda ba ta iya ƙara sauri, sai ƙarin ƙwaya kaɗan ya jawo tashi mai yawa. Maganin wannan tarko shi ne a auna sakakken kansa inda ake da kayan yin haka. Inda babu, a dubi mai jinya kafin a dubi takarda. In farfaɗiya ba ta tashi, kuma ba alamar guba, faɗuwar jimla ba dalilin ƙara magani ba ce.

Irin wannan ruɗu yakan faru ko ba magani na biyu, in albumin ya yi ƙaranci saboda ciwon hanta, ko ciwon ƙoda, ko tamowa. Motoci sun ragu, jimla ta faɗi, sakakke yana nan. Akwai lissafin Sheiner da Tozer da ake gyara awon fenitoyin da shi. A ninka albumin, a ma'aunin giram cikin desilita, da 0.2, a ƙara 0.1, sa'an nan a raba awon da abin da ya fito. Mai albumin 2 da awo 8: 2 sau 0.2 ya ba da 0.4, a ƙara 0.1 ya zama 0.5, 8 a raba da 0.5 ya ba da 16. Watau 8 ɗinsa daidai take da 16 ta mai cikakken albumin, ba ya bukatar ƙari. Lissafin ƙiyasi ne, yakan kuskure, amma ya fi karanta lambar tsurarta.

Inda turewa ke kisa da gaske

Kada a ce tun da an wanke ta a wurare da yawa, ba ta da laifi ko'ina. Cikin 1956 William Silverman da abokan aikinsa a birnin Niyok suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan jarirai bakwaini. An ba wasu fenisilin tare da wani maganin salfa mai suna salfisoksazol don kare su daga cuta, wasu kuma aka ba su wani magani dabam. Waɗanda aka ba salfa suka fi mutuwa, kuma da aka duba sai aka tarar sinadarin shawara, watau bilirubin, ya rina ƙwaƙwalwar da yawa daga cikinsu. Cikin 1959 Gerard Odell ya nuna cewa salfa tana ture bilirubin daga albumin.

Me ya sa lissafin randa bai ceci jariran nan ba? Don duk sharuɗɗansa sun rushe. Hantar sabon haihuwa ba ta nuna ba, ba ta iya ƙara saurin fitar da bilirubin, watau ƙofa ta biyu a rufe take. Jariri mai shawara kuwa bilirubin ya riga ya kusan cika motarsa, ba kamar warfarin da ya tare kujera ɗaya cikin ɗari ba, don haka abin da za a ture mai yawa ne. Ƙofa ta farko a buɗe take, amma cikin wuraren da take kaiwa har da ƙwaƙwalwa. Kuma ɓarnar da aka yi a can cikin sa'o'i ba ta gyaruwa ko da jini ya koma daidai daga baya. Wanda ya rayu yana iya tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Saboda wannan ne ba a ba jariri Saftirin a makonninsa na farko, kuma ba a yi wa sabon haihuwa mai shawara allurar seftiriyakson, don ita ma tana ture bilirubin.

Akwai kuma wani rukuni ƙarami na magunguna, irin su lidoken da ake ɗurawa ta jijiya don daidaita bugun zuciya. Irinsu hanta takan kwashe kusan duk abin da jini ya kawo mata, mannanne da sakakke, don haka ta riga ta kai iyakar abin da gudun jini ke ba ta, tashin sakakke ba ya ƙara mata sauri. Ga irin waɗannan, in ana ba da su ta jijiya, turewa tana iya ɗaga sakakke ya zauna a sama. Amma yawanci a asibiti ake ba da su, ana kallon mai jinya ana daidaita ɗurin gwargwadon yadda jikinsa ya amsa.

Saboda haka, in aka ce magani kaza ba ya haɗuwa da kaza don yana ture shi, tambayoyin da masani zai yi su ne: shin na biyun yana taɓa hanta ko ƙoda? Shin awon da za a dogara da shi jimla ce ko sakakke? Shin mai jinyar jariri ne mai shawara? Shi kuwa mai shan warfarin, wannan bayani bai sassauta masa komai ba. Haɗarin Saftirin da Filajil da asfirin yana nan yadda yake, sunan mai laifin ne kurum ya sake. Kafin ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya daga kantin magani, sai ya faɗa wa likitansa. In kuwa ya ga dasashinsa na jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, to asibiti zai nufa a ranar, ba gobe ba.